Yadda Ake Tsara Banna Mai Naɗewa da Teburin Kaya Don Baje Koli

Da zarar an fara maganar baje kolin Kano da ake yi a filin Zoo Road wajen ƙarshen shekara, ko na Kaduna da ke kan hanyar Zariya, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta shigowa: wane girman banna zan buga, me zan rubuta a kai, yaya zan jera kaya a tebur? Mafi yawan masu tambayar mata ne masu ƙananan sana'o'i, shi ya sa zan yi magana da mace, amma aikin ɗaya ne ga kowa. Zan ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: ke mai yaji ce, kina yin yajin daddawa, na tafarnuwa da na ƙuli, kin kama rumfa ƙarama, kina da tebur ɗaya da kuɗin banna ɗaya.

Ki riƙe abu guda kafin mu fara. Banna da tebur ba aiki ɗaya suke yi ba. Banna tana magana da wanda yake nesa yana tafiya, aikinta ta gaya masa abin da kike sayarwa kafin ya wuce. Tebur shi ke magana da wanda ya riga ya tsaya. Yawancin ɓarnar da ake yi daga haɗa aikin biyu take fitowa: a cika banna da bayanin da ya kamata ya zauna a tebur, a bar tebur kuma babu ko farashi.

1. Auna rumfa kafin ki je wurin mai dizain

Ki tambayi masu shirya baje kolin faɗi da zurfin wurin da suka ba ki, ko akwai rufi, ko za su ba da tebur, da kuma ɓangaren da mutane suka fi shigowa. Idan akwai hali, ki je da ƙafarki da tef ɗin awo. Abu uku kike nema: tsayin rufin, girman tebur, da inda banna za ta tsaya.

Tsayin rufi yana da muhimmanci domin banna mai naɗewa ta kan kai mita 2, wani lokaci da ɗan ɗoriya idan aka haɗa da gindinta. Kanofin da ake haya yakan yi ƙasa a gefe, sai ki tarar bannar ba ta miƙewa sai a tsakiya, inda ya kamata ke ki tsaya.

Teburin da aka saba samu mai ƙafa 6 ne, wato kusan santimita 180 a tsawo, 75 a faɗi, tsayinsa daga ƙasa kuma wajen 75. Ki rubuta wannan lamba ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Gargaɗi: kada ki yanke shawarar ajiye banna a bayan kujerarki. Kanki da gyalenki za su rufe tsakiyarta yini guda. Wurinta gefen tebur ne, ta gaba, a ɗan karkace tana fuskantar inda jama'a suke fitowa.

2. Zaɓi girma da irin gindi

Girman da ya fi yawa shi ne santimita 85 a faɗi, 200 a tsayi. Akwai mai faɗin 80, da 100, da 120. Ga rumfa ƙarama 85 ya isa. Mai 120 zai cinye miki hanyar shiga, kuma iska ta fi samun abin kamawa. Masu buga banna da yawa da ƙafa suke magana, sai su ce miki "uku da bakwai". Kada ki tsaya a nan. Ki ce su faɗa miki ainihin awon a santimita, domin a kan wannan awon za a yi dizain, kuma bambancin santimita 5 ya isa ya yanke gefen rubutu.

Gindin iri biyu ne. Akwai ƙarami mara nauyi, mai ƙafafu biyu da ake juyowa waje. Akwai babba mai faɗi da nauyi wanda yake zama da kansa. Ƙaramin ya fi arha, kuma a cikin ɗakin taro ba shi da laifi. Amma baje kolin Kano da na Kaduna a lokacin rani ake yinsu, ga iska ga ƙura, ga yara da ke gilmawa. Idan aljihu zai ɗauka, babban gindi nake ba da shawara. Sau ɗaya ake sayensa, domin idan dizain ya tsufa ana iya cire fatar da aka yi bugun a kanta a sa sabuwa a cikin gindin.

Sai fatar da za a buga a kai. Filaks na allon talla na bakin titi ya fi arha, amma yana da kauri da ƙyalli, kuma bayan kwana kaɗan gefunansa kan naɗe ciki kamar ganyen da rana ta daka. Ki tambayi ledar da aka yi musamman don rol-of, wato banna mai naɗewa, mai santsi mara ƙyalli, wadda bayanta ruwan toka ne. Wannan bayan shi ke hana haske ratsawa. Idan babu shi, rana tana bayan banna za a riƙa ganin inuwar sandar a miƙe a tsakiyar rubutunki.

3. Rubuta kalmomin a takarda tukuna

Nan ne aikin yake, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Mai wucewa a baje koli idonsa ba ya daɗewa a kan banna ɗaya, ga hayaniyar lasifika, ga rumfuna ta ko'ina. Abu huɗu kawai banna za ta ɗauka: sunan sana'a da tambari, abin da ake sayarwa, lambar waya ɗaya, da hoto ɗaya. Idan akwai sauran wuri, layi uku gajeru.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sunan sana'a ya fi komai girma. Sunan yana da daɗi a wurinki, amma wanda bai taɓa jinsa ba ba ya gaya masa komai. Kalmar da za ta fi girma ita ce YAJI. A ƙarƙashinta: "Na daddawa, na tafarnuwa, na ƙuli." Wanda yake neman yaji ya gani daga nesa ya karkato. Sunanki zai karanta idan ya iso.

Abubuwan da za ki cire, ko da zuciya ba ta so: tarihin yadda kika fara, jerin kaya goma sha biyar, lambobin waya uku, adireshin gida mai layi huɗu, da alamomin duk kafafen sada zumunta. Lamba ɗaya wadda ke da WhatsApp, sai sunan shafi ɗaya da kika fi kula da shi.

Kada kuma ki sa farashi ko kwanan wata ko sunan baje kolin a jikin banna. Farashin barkono ba ya zama wuri ɗaya, kuma bannar da aka rubuta wa shekara ta mutu ranar da aka tashi. Wadda babu su za ta yi miki wani baje kolin, da taron biki, da ƙofar shago.

Maganar harshe: ki duba masu sayen kayanki. Ga yaji a Kano, Hausa ce a sama da manyan haruffa, Turanci layi ɗaya ƙarami a ƙasa saboda baƙi. Kada ki fassara kowane layi biyu-biyu, wurin ba zai isa ba.

Gargaɗi: idan kayanki suna da lambar rajistar NAFDAC, ki sa ta, tana ƙara wa mai saye natsuwa. Idan babu, kada ki yarda mai dizain ya manna tambarin hukumar don ado, kuma kada ki rubuta cewa yajinki yana maganin wata cuta. Hukumomi su ma sukan halarci irin waɗannan baje koli, kuma abin da aka buga da manyan haruffa ba ya musuntuwa.

4. Raba tsayin banna

Yanzu ki dawo da 75 ɗin nan. Duk abin da ke ƙasa da tsayin tebur a jikin banna, ki ɗauka ba za a gan shi ba. Ko tebur bai rufe shi ba, ƙafafun mutane da kwalaye da kujera za su rufe. Ke nan daga santimita 200, na sama guda 125 ne kawai filin aikinki. Idon babban mutum a tsaye kuma yana wajen 150 zuwa 165 daga ƙasa, don haka abin da ya fi muhimmanci ya zauna kusa da nan.

Ga yadda zan raba wa mai yaji, ana aunawa daga sama:

- 0 zuwa 20: tambari da sunan sana'a
- 20 zuwa 60: YAJI, da layin ire-irensa
- 60 zuwa 75: lambar waya
- 75 zuwa 125: hoton kaya
- 125 zuwa ƙasa: launi kawai, ko layi ɗaya mara muhimmanci

Za ki ga na ɗora lambar waya a saman hoto. Masu dizain sun saba jefa ta can ƙasa, domin haka ake yi a takardar talla ta hannu. A banna mai tsayin mita 2, wannan yana nufin lambar tana daidai ƙwaurin mutum. Wanda yake sauri, yana so ya ɗauki hotonta da waya ya kira daga baya, ba zai durƙusa a cikin cunkoso ba.

Girman haruffa yana da ƙa'idar da masu allon talla suke bi: kowane santimita 2 da rabi na tsayin harafi ana karanta shi cikin sauƙi daga mita 3. Idan kina so a karanta daga mita 10, harafin ya kai santimita 8 ko fiye. YAJI haruffa huɗu ne, za su iya kai 18 su zauna a faɗin 85 ba takura. Lambar waya ta kai 6 zuwa 7, a raba ta gida uku: huɗu, uku, huɗu, don ido ya riƙe. Rubutu mafi ƙanƙanta kada ya gaza 3. Ki bar santimita 5 a kowane gefe babu rubutu, domin nan ne fatar ke fara lanƙwasa.

Akwai wani yanki da ba a gani: ƙasan fatar yana shigewa cikin gindi ya manne da abin naɗewa. Yawanci ana ƙara santimita 10 zuwa 15 saboda haka. Ki tambayi mai bugawa nawa yake so, a ƙara shi da launin bango kawai. Idan ba a ƙara ba, zai ci daga dizain ɗinki.

5. Hoto da launi

Hoto ɗaya babba ya fi ƙanana shida. Kuma ya zama na kayanki, ba wanda aka ciro daga intanet ba. Mai saye zai dubi banna ya dubi tebur, idan robar da ke hoto ba ita ce a gabansa ba, ya lura.

Wayar hannu ta isa. Ki fita da safe ko da la'asar, a inuwa kusa da haske, ba cikin tsakiyar rana ba, ba kuma da fitilar waya ba. Ki goge gilashin kyamara. Ki jera roba uku a kan faranti ko tabarma mai launi ɗaya, ki buɗe ɗaya, ki zuba ɗan yaji a cokali a gabanta don a ga laushinsa da launinsa. Ki matso da ƙafarki, kada ki jawo hoton da yatsa, jawowa tana rage kyau.

Ga lissafin da ya sa wasu bannoni suke fitowa dishi-dishi. Banna tana buƙatar ɗigo 100 zuwa 150 a kowane inci. Faɗin santimita 85 inci 33 da rabi ne, ke nan hoton da zai cika faɗin yana son aƙalla fiksel 3,350. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da 4,000 a dogon gefe, ya wadatar idan an ɗauka a kwance. Amma idan kika tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi zuwa kusan 1,600, ƙasa da rabin abin da ake so. A waya ba za ki ga bambanci ba, sai an buga. Don haka ki tura ta `Document`, ko ki kai a filash. Haka ma tambari: kada ki ba da wanda aka ɗauko daga hoton fuskar shafinki, ki nemi ainihin fayil daga wanda ya zana.

Launi biyu, iyaka uku. Abin da ake nema shi ne rubutu ya rabu da bango sarai: fari ko rawaya a kan ja mai duhu, baƙi a kan rawaya, fari a kan kore mai duhu. Ja a kan kore ko ruwan gwal a kan fari ba sa karantuwa a rana. Ga yaji, jan barkono mai duhu da rubutu fari ko ruwan ƙwai yana tafiya da kayan. Kada a ɗora rubutu a kan hoto kai tsaye.

Gargaɗi: fuskar waya tana nuna launi da haske, tsarin `RGB`, injin bugawa kuma da tawada, tsarin `CMYK`. Kore mai walƙiya da shuɗi mai haske sukan dushe a bugu, wani shuɗin ma ya karkata zuwa shunayya. Ki ce mai dizain ya yi aikin a `CMYK` tun farko, don abin da ya nuna miki ya yi kusa da abin da zai fito.

6. Haɗa fayil

Idan mai dizain ne zai yi, galibi da CorelDRAW zai yi, domin ita ce ta fi yawa a shagunan bugu. Idan da kanki za ki yi a Canva, ki zaɓi `Custom size`, ki mayar da awon zuwa `cm`, ki sa 85 da 200, ki ce wa mai bugawa ya ƙara na ƙasan da launin bango. Wajen saukewa ki zaɓi `PDF Print`. Kada ki yi dizain a girman hoton waya ki ce a ja shi. Ko ya fashe, ko robar yajin ta koma doguwa siririya.

Salon harafi biyu sun isa, masu kauri marasa ado. Rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na katin aure ba ya karantuwa daga mita 5.

A nan akwai matsalar da ta shafe mu musamman. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ki rubuta "ƙuli", kwamfutar mai bugawa ta fito da akwati a madadin ƙ, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Noto Sans da Andika suna da su duka. Bayan an gama, a CorelDRAW a zaɓi rubutun gaba ɗaya a danna `Ctrl+Q`, wato `Convert to Curves`. Wannan yana mayar da haruffa zane, ba za su canza a wata kwamfuta ba. A ajiye kwafi ɗaya kafin a yi haka, domin bayan an mayar ba a iya gyara rubutun.

7. Gwaji kafin bugu

Wannan matakin kuɗin takarda biyu ne, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Na farko, a buga dizain ɗin duka a takardar A4 a tsaye. Tsayin A4 santimita 29.7 ne, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na bannar. Ki manna ta a bango, ki ja baya mita ɗaya da rabi. Abin da kike gani daga nan shi ne abin da mai wucewa zai gani daga mita 10. Ki kira wani wanda bai ga dizain ɗin ba, ya kalla na ɗan lokaci, ki rufe, ki tambaye shi me ake sayarwa. Idan ya yi jim, a koma a ƙara girman kalmar ko a rage tarkace.

Na biyu, a yanko wani yanki na hoton a ainihin girmansa a buga a A4. Idan gefen robar ya fito da tsani-tsani, hoton bai kai ba, a sake ɗauka.

Sai lambar waya. Kada ki karanta ta da ido, ido yana ganin abin da ya saba. Ki ba wani ya kwafa daga takardar ya kira, ki ga ko wayarki za ta yi ƙara.

Ki kai aikin bugu aƙalla mako guda kafin buɗewa. Ana gobe baje koli shagunan bugu cike suke, kuma aikin gaggawa ba ya barin lokacin gyara. Ranar karɓa, ki sa a miƙe bannar a gabanki a shagon. Ki duba ko ta tsaya a miƙe ko ta karkace, ko akwai layuka a kwance cikin launi, alamar bakin injin ya toshe, ko kuma tana komawa cikin gindi ba tare da ta ci gefe ba. Ki tabbatar an ba ki jakarta da sandarta.

8. Kuɗin da za ki tanada

Farashin gindi da fata yana bin dala, don haka duk lambar da aka faɗa miki bara ki sake tambaya. Ki nemi farashi daga shago biyu ko uku, kowanne ya raba miki gida-gida: dizain, bugu, gindi. Wani zai faɗi kuɗi kaɗan saboda filaks da ƙaramin gindi yake nufi, wani ya faɗi da yawa saboda ya haɗa da dizain. Sai an raba ake gane mai arha. Ki tambayi mai dizain sau nawa zai yi gyara a cikin kuɗin, kuma ki ce za ki karɓi fayil ɗin, don gaba ba sai an sake daga farko ba.

Idan kuɗin ya gaza, ga inda za a rage: dizain ki yi da kanki, matakalar tebur ki yi da kwali, katin farashi ki rubuta da maka. Inda ba a ragewa shi ne ingancin hoto da mayafin tebur.

9. Shimfiɗa tebur

Mayafin ya sauka har ƙasa ta gaba da gefe biyu, domin ƙarƙashin tebur shi ne sitonki, kuma ba a so a ga kwalaye da kular abinci. Lissafi: tsawon tebur 180, a ƙara 75 sau biyu na gefuna, ya zama 330, wato ki sayi yadi 4, ɗan abin da ya saura na kalmasa ne. Ki nemi yadi mai faɗin inci 60, kusan santimita 150, zai rufe saman tebur da gabansa daidai. Atamfa ba ta kai wannan faɗin ba, kuma zanenta yana gasa da kaya, robar yaji sai ta ɓace a cikinsa. Yadi mai launi ɗaya, wanda ya dace da banna. Fari yana nuna ƙura da zubar yaji tun kafin azahar, baƙi ma yana nuna ƙurar hunturu. Ruwan ƙasa, ruwan goro ko ja mai duhu sun fi haƙuri. Ki goge shi, ki naɗe a kan sanda maimakon ninkewa, ki kama shi da filoli a kusurwa don kada iska ta ɗaga ko wani ya taka ya jawo kaya.

Kada ki shimfiɗa kaya a kwance duka. Daga nesa tebur a kwance ba ya nuna komai sai murafe. Ki yi hawa uku: kwalaye masu ƙarfi a baya, tsayin wajen santimita 30, wasu a tsakiya wajen 15, a lulluɓe su da ragowar yadin. Manyan robobi a hawan baya, matsakaita a tsakiya, gaba kuma na ɗanɗano da katin farashi. Kowane iri a layinsa, takardar jiki tana kallon mai saye. Kada hawan baya ya rufe fuskarki idan kin zauna.

Kada ki fito da duk kayan. Biyar ko shida na kowane iri sun isa, ana saye kina cikewa daga ƙasa. Tebur da ya cika maƙil yana sa mutum tsoron taɓawa kada ya rushe, wanda ya yi fayau kuma kamar an tashi kasuwa. Ki bar fili kamar faɗin faranti biyu a gaba, inda mai saye zai ajiye jakarsa ya ƙirga kuɗi, ke ma ki ɗaure kaya.

Farashi a rubuce a gaban kowane iri, lambobi masu tsayin santimita 2 zuwa 3. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya, kada a faɗa su kasa saye, sai su wuce. Idan kina da rangwamen baje koli, kamar uku a farashi kaza, a kati za ki sa, wanda gobe za ki iya canzawa.

Ɗanɗano shi ke sayar da yaji. Ki yanka awara ko dafaffen dankali ƙanana a roba mai murfi, da tsinken sakace sabo ga kowa, da ƙananan kwanuka uku na yajin, da ledar zuba tsinken da aka yi amfani da shi. A rufe komai idan ba a ɗiba, saboda ƙura da ƙuda. Kada a bar kowa ya sa yatsa.

A nan ne kuma wurin lambar `QR`, wadda ake haskawa da kyamarar waya ta buɗe shafinki, ba a banna ba. Ki buga ta a kati, faɗin santimita 5 zuwa 6, baƙi a kan fari da fili kewaye da ita, ki tsayar a tebur. Idan ta WhatsApp ce, mahaɗar haka take, da lambar ƙasa, babu sifilin farko, babu alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Ki gwada ta da waya biyu kafin ranar. A gefenta katin lambar asusun banki da sunan da zai fito.

Gargaɗi: kuɗi ba sa zama a tebur, ƙaramar jaka a jikinki. Ƙananan kaya masu tsada a hawan baya, ba a bakin tebur ba. Wanda ya ce ya tura kuɗi, ki duba a manhajar bankinki, kada ki dogara da abin da ya nuna miki a wayarsa.

10. Kafawa da naɗewa

Ki isa da wuri, banna tukuna sannan tebur. Ki juyo ƙafafun gindi waje, ki haɗa sandar, ki zura ta cikin raminta har ta zauna. Ki tsaya ta baya, ki kama ƙarfen sama da hannu biyu, ki ja a miƙe a hankali. Idan tsayinki bai kai ba, ki karkato bannar zuwa gare ki, ki maƙala, sannan ki miƙar. Jan gefe ɗaya shi ke sa fatar ta goga bakin gindi ta yage.

Banna mai naɗewa don cikin ɗaki aka yi ta, a fili sai an taimaka mata. Jakar fiya wata ɗaya, mai ƙulli 20, nauyinta kusan kilo 10 ne. Ki ɗora ta a kan gindin ta baya inda ba a gani. Ki ɗaure saman sandar da igiya siririya a ƙarfen rumfa. Idan iska ta taso sosai, ki sauke ta har ta lafa, domin faɗuwa ɗaya kan lanƙwasa sandar.

Bayan kin gama jeri, ki fita ki taho daga nesa kamar mai wucewa, ta hagu da ta dama. Abin da ba ki gani daga hanya, ki gyara kusurwarsa. Idan ana kaiwa dare, fitila mai caji ɗaya ta haska banna daga ƙasa ta gaba, ɗaya ta haska tebur.

Wajen tashi, ki goge ƙurar fatar da tsumma mai ɗan danshi, ki bari ta bushe, domin ƙurar da aka naɗe da ita tana karce bugu. Ki cire ƙarfen sama daga sanda, ki raka shi da hannu har ya shiga gindi. Kada ki saki: akwai sifirin a ciki, zai fizge fatar da ƙarfi, ko ta tsinke daga ƙarfen ko sifirin ya kwance. Ki mayar da ita jakarta tare da sandar, a mota kuma ta kwanta a saman kaya, kada a ɗora mata kwalin yaji.